Idan Bututun VPN Ya Yanke, Me Ke Hana Bayananka Fita Tsirara?

Da yawa daga cikinmu mun fara sanin VPN ne a watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin Nijeriya ta dakatar da Tuwita. An ɗage takunkumin a Janairun 2022, amma manhajar ta zauna a wayoyin mutane. Wani don aikin ofis yake amfani da ita, wani don ya shiga banki hankalinsa kwance a intanet ɗin otal, ɗan jarida kuwa don kada a ga da wa yake magana. A cikin saitin mafi yawan waɗannan manhajoji akwai wani maballi mai suna `Kill switch`. Alkawarinsa shi ne, idan VPN ya yanke, intanet ma zai tsaya cik, don kada wani abu ya fita a buɗe.

Ana iya gina wannan maballi ta hanya biyu, kuma ɗaya ce kawai take cika alkawari. Ta farko ita ce a sa manhaja ta riƙa lura, idan ta ga bututun ya yanke sai ta yi sauri ta rufe intanet. Ta biyu ita ce a rufe komai tun farko da dokokin katangar tsaro, wato fayawol, a bar ƙofa ɗaya tak, ta bututun. Masu aikin da suka san abin da suke yi sun karkata ga ta biyu. Don a gane dalilinsu, sai an fara sanin yadda na'ura take zaɓa wa bayanai hanya.

Duk abin da kwamfuta ko waya take aikawa, gunduwa-gunduwa take yin sa, ƙananan ƙunshi, kowanne da adireshin inda ya fito da na inda za shi. Na'urar tana da ƙofofin fita: ta Wi-Fi, ta layin waya, ta kebul. A tsarin Linux ƙofar Wi-Fi kan ɗauki suna irin `wlan0`. Idan ka kunna VPN, sai a ƙirƙiro wata ƙofa da ba ta da jiki, `tun0` ko `wg0`. Duk ƙunshin da ya shiga ta nan, za a kulle shi da sirri, a sa shi cikin sabon ƙunshi mai adireshin sabar VPN, sannan a fitar da shi ta ƙofar gaske. Wannan ne bututun. Mai Wi-Fi ɗin da kamfanin layi ba su ganin komai sai ƙunshi kulle suna tafiya wuri ɗaya.

To wa ke cewa ƙunshi ya bi ta `wg0` ba ta `wlan0` ba? Jadawalin hanyoyi ne. Jeri ne a cikin na'ura da ke cewa adireshi kaza ta ƙofa kaza, kuma a ƙarshensa akwai layin da ke kwashe duk abin da ba a ambata ba, ana rubuta shi `0.0.0.0/0`. Ka'idar jadawalin ita ce layin da ya fi ƙayyade adireshi shi ke cin nasara. Manhajar OpenVPN, wadda James Yonan ya fara fitarwa a 2001, tana amfani da wannan ka'ida cikin dabara. Ba ta goge tsohon layin. Sai ta ƙara sababbi biyu, `0.0.0.0/1` da `128.0.0.0/1`, kowanne ya ɗauki rabin adiresoshin duniya, duka biyun suna nuna bututu. Da yake sun fi tsohon layin ƙayyadewa, su ake bi. Tsohon layin yana nan a ƙasa, yana jira.

Nan matsalar take. Idan manhajar ta mutu, ƙofar `tun0` ta ɓace, layukan nan biyu sukan ɓace tare da ita. Na'urar ba ta ɗaukar wannan a matsayin haɗari. Aikin jadawalin hanyoyi shi ne ya samo wa ƙunshi mafita ko ta halin ƙaƙa, kuma intanet an gina shi ne a kan wannan hali na cewa in hanya ta toshe a bi wata. Don haka ƙunshi na gaba zai faɗa kan tsohon layin, ya fita ta Wi-Fi da adireshinka na gaskiya. Burauza za ta sake haɗawa, manhajar wasiƙa ta sake tambayar saƙo, WhatsApp ya ci gaba da abinsa, kai kuma ba ka ga alamar komai ba, don shafin ya buɗe lafiya lau.

Ba wai duk abin da ka rubuta za a karanta ba. Yawancin shafuka yanzu suna da nasu kullin na HTTPS. Amma shafin zai ga adireshinka na gaske ya haɗa shi da asusunka, mai hanyar kuma zai ga sunayen wuraren da kake ziyarta. Ga wanda ya kunna VPN don ya ɓoye waɗannan biyun, ƙunshi ɗaya ya isa ya ɓata aikin, kuma abin da ya fita ba ya dawowa.

Yanzu a duba hanya ta farko, ta sa ido. Manhaja tana dubawa lokaci-lokaci ko bututu na nan. Ko da kowace daƙiƙa take dubawa, na'ura tana iya fitar da ɗaruruwan ƙunshi a cikin daƙiƙa guda. Tsakanin yankewar bututu da lokacin da mai lura ya farga ya ɗauki mataki akwai tazara, kuma rage tazarar kawai ake iya yi, ba a iya shafe ta. Abu na biyu ya fi wannan muni. Mai lurar sau da yawa ɓangare ne na manhajar VPN ɗin kanta. Idan manhajar ce ta faɗi, ko tsarin na'ura ya kashe ta don ƙwaƙwalwa ta cika, to mai tsaron ya tafi tare da abin da yake tsaro. Sannan ga lokutan da babu mai lura tukuna: daƙiƙoƙin farko bayan an kunna kwamfuta, lokacin da Wi-Fi ya riga ya haɗu amma VPN bai tashi ba, ko lokacin da aka buɗe laftof daga barci, ko lokacin da kake sauya saba daga wata ƙasa zuwa wata. A wuraren da netwok ke yawan ɗaukewa ana sauyawa daga Wi-Fi zuwa data, irin waɗannan lokuta ba su da wuyar zuwa, kullum ne.

Katangar tsaro tana juya lamarin gaba ɗaya. Maimakon a ce “a bar komai ya fita, in bututu ya yanke a rufe”, sai a ce “ba abin da zai fita, sai wanda ya bi bututu”. Kamar gidan gargajiya ne da aka zagaye da katanga, ba mashiga sai ta zaure: in an rufe zauren, ba sai an tashi wani ya zagaya yana toshe hanyoyi ba, don da ma babu su. Dokar ba ta buƙatar sanin ko bututu yana raye. Kowane ƙunshi, ɗaya bayan ɗaya, ana yi masa tambaya guda a daidai lokacin fitarsa: ta wace ƙofa za ka bi, kuma ina za ka? In amsar ba ta dace ba, a zubar da shi. Ba a jiran labari daga kowa, shi ya sa babu tazara.

Kuma waɗannan dokoki ba a cikin manhajar VPN suke zaune ba. Suna can cikin zuciyar tsarin na'ura, inda duk ƙunshi dole ya ratsa. A Linux ana kiran wannan sashe netfilter, ana sarrafa shi da `nftables` ko tsohon `iptables`. A kwamfutocin Apple akwai `pf`, a Windows kuma Windows Filtering Platform. Manhajar takan rubuta dokokin a can ta bar su, kuma in an tsara su don su dawwama, ko ta faɗi suna nan suna aiki.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi dalla-dalla. Laftof ce mai Linux, tana amfani da WireGuard, tsarin VPN da Jason Donenfeld ya ƙirƙira, wanda ya shiga cikin zuciyar Linux a Maris ɗin 2020. Bututun sunansa `wg0`, sabar tana adireshi `203.0.113.10`, tana sauraro a tasha mai lamba 51820. Adireshin na misali ne, daga cikin waɗanda aka keɓe don koyarwa. Ga dokokin:

```
table inet katanga {
  chain fita {
    type filter hook output priority 0; policy drop;
    oifname "lo" accept
    oifname "wg0" accept
    ip daddr 203.0.113.10 udp dport 51820 accept
    udp sport 68 udp dport 67 accept
  }
}
```

Kalmomi biyun nan, `policy drop`, su ne ginshiƙin. Suna nufin duk ƙunshin da ya kai ƙarshen jerin ba tare da wata doka ta karɓe shi ba, a zubar. Sauran layuka huɗun keɓancewa ne. Na farko ya bar na'ura ta yi magana da kanta, don manhajoji da yawa a cikinta ta haka suke hulɗa da juna. Na biyu ya bar duk abin da zai shiga bututu. Na uku shi ne wanda mutane kan manta: bututun kansa dole ya fita ta Wi-Fi, don haka ƙunshin da aka riga aka kulle, masu zuwa wannan adireshi guda a wannan tasha guda, an ba su izini. Na huɗu ya bar na'ura ta nemi adireshi daga rauta ta tsarin DHCP, in ba haka ba, ko Wi-Fi ɗin ba za ta iya zama a kai ba.

Sai mu bi ƙunshi guda. Ka buɗe wani shafi, bututu yana lafiya. Jadawalin hanyoyi ya tura ƙunshin `wg0`, doka ta biyu ta karɓe shi. WireGuard ya kulle shi, ya fito da sabon ƙunshi zuwa `203.0.113.10`, wannan ma ya zo gaban katanga, doka ta uku ta karɓe shi. Sau biyu ke nan ya ratsa, sau ɗaya a buɗe a bakin bututu, sau ɗaya a kulle a bakin Wi-Fi. Yanzu a ce `wg0` ya ɓace. Jadawalin ya koma tsohon layinsa ya tura ƙunshin `wlan0`. Ba `lo` ba ne, ba `wg0` ba ne, ba sabar za shi ba, ba neman adireshi yake ba. Ya kai ƙarshen jeri, an zubar. Ba a taɓa komai a dokokin ba tsakanin yanayi na farko da na biyu, abin da ya fi burge ni a wannan tsari ke nan. Kuma da yake doka ta uku tana nan, VPN na iya sake haɗawa duk lokacin da ya samu dama, intanet ya dawo da kansa.

Akwai ƙananan abubuwa biyu a wannan rubutu da suka cancanci a tsaya a kansu. Kalmar `inet` tana sa dokokin su hau kan tsofaffin adiresoshi na IPv4 da sababbi na IPv6 gaba ɗaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya rubuta dokokinsa da `iptables` kaɗai ya manta da `ip6tables`, IPv4 kawai ya rufe. In hanyar da yake kai tana ba da IPv6, bututun kuma ba ya ɗaukar sa, bayanai za su riƙa fita ta nan ko da VPN yana kunne. Na biyu shi ne `oifname`, wanda ke gwada sunan ƙofa kawai. Ɗan'uwansa `oif` yana buƙatar ƙofar ta kasance tana nan lokacin da ake ɗora dokar. Da yake so ake a ɗora dokokin tun kafin bututu ya tashi, tun ma kafin Wi-Fi ya haɗu, na farkon ne ya dace.

Mai yiwuwa wani ya ce, ai za a iya goge tsohon layin nan na jadawali kawai, a huta. Ana yin haka, amma jadawalin hanyoyi ba naka kaɗai ba ne. Duk lokacin da na'ura ta sake haɗuwa da Wi-Fi, rauta na iya sa a mayar da layin. A watan Mayun 2024 masu bincike na Leviathan Security Group suka nuna iyakar haɗarin da wani hari da suka kira TunnelVision. Tsarin DHCP yana da wani zaɓi mai lamba 121, wanda yake cikin ƙa'ida tun 2002, da ke ba mai raba adireshi damar ya ƙara wa na'urarka layuka a jadawalinta. Mai mugun nufi da ke riƙe da Wi-Fi ɗin zai iya turo layin da ya fi na VPN ƙayyadewa, ya ce adireshi kaza ta wurina za a bi. Na'urar za ta yi biyayya, don ka'idarta ke nan. Bututun bai yanke ba, manhajar tana nuna kore, mai lura bai ga abin da zai sa ya tashi ba, alhali bayanai suna bin gefe. Android ta tsira daga wannan don ba ta aiki da zaɓi na 121. A sauran na'urori, abin da ya tare harin shi ne irin dokokin da muka gani: ƙunshin ya nufi `wlan0`, ba sabar za shi ba, an zubar. Maharin dai ya iya hana ka buɗe shafin, kuma masu binciken sun nuna cewa mai haƙuri zai iya amfani da wannan hanawar ya yi hasashen inda kake zuwa, amma ƙunshinka bai faɗa hannunsa a buɗe ba.

Ƙarfin katanga yana ƙarewa ne a inda aka yi keɓancewa, kuma nan ne masu ginawa suke tuntuɓe. Babban tarko shi ne dokar da aka saba sawa a saman kowace fayawol, mai cewa duk haɗin da aka riga aka ƙulla a bar shi ya ci gaba, `ct state established accept`. A nan kuskure ce, don duk haɗin da wata manhaja ta buɗe kafin VPN ya tashi zai ci gaba da tafiya a waje. Irin wannan matsala ce kamfanin Proton ya bayyana a 2020 game da iPhone, inda tsofaffin haɗe-haɗe ba sa yankewa bayan an kunna VPN. Tarko na biyu shi ne sunan saba. Idan saitinka ya ambaci sabar da suna maimakon lambobi, dole na'ura ta tambayi DNS kafin ta haɗa, katanga kuma ta hana. Mai gaggawa sai ya buɗe tasha ta 53 ga kowa, daga nan duk sunan shafin da aka nema zai iya fita ta wannan kafa. Shi ya sa a misalinmu aka rubuta adireshin da lambobi. Na uku shi ne barin na'urorin cikin gida, irin su firinta. Yana da amfani, amma a 2023 binciken TunnelCrack, wanda Mathy Vanhoef yake cikin masu shi, ya nuna cewa mugun Wi-Fi na iya yi wa na'ura ƙaryar cewa wani adireshin intanet na cikin gida ne, sai manhajar da ba ta tantance ba ta bar shi ya fita a waje. Maganin shi ne a taƙaita izinin ga rukunan adiresoshin da aka keɓe wa gida kawai, irin masu farawa da `192.168`.

Tsarin yana da wahalarsa, kuma bai kamata a ɓoye ba. Wi-Fi ɗin otal ko filin jirgi da ke buƙatar ka shiga wani shafi ka sa lambar ɗaki ba zai buɗe ba, don shafin yana wajen bututu, bututun kuma ba zai tashi ba sai ka wuce shafin. Dole ka sassauta da hannunka na ɗan lokaci, kana sane. Haka kuma in manhajar ta faɗi ta bar dokokinta, mutum zai ga Wi-Fi a haɗe amma ba abin da ke buɗewa, ya yi ta zagin kamfanin layi. A ganina wannan farashi ne da ya dace a biya. Intanet da ya tsaya, nan take za ka sani ka gyara, amma yoyon da ba ya ƙara kana iya shafe watanni ba ka sani ba.

A kula kuma da bambanci tsakanin yankewa da kashewa da gangan. Littafin bayanin `wg-quick` ya kawo misalin doka guda da ake ɗorawa idan bututu ya tashi, a cire ta idan ka sauke shi da kanka. Manhajoji da yawa haka suke: suna kare ka daga haɗari, amma in ka danna kashewa, sai su buɗe hanya. Wanda yake son kada komai ya fita ko da wane hali, sai ya nemi mataki na gaba. A manhajar Mullvad sunansa `Lockdown mode`. A Android yana cikin saitin wayar kanta, ka kunna `Always-on VPN` sannan `Block connections without VPN`, kuma wannan ya fi na cikin manhaja ƙarfi, don tsarin wayar ne ke aiwatar da shi. Duk da haka, a 2022 Mullvad ta nuna cewa Android tana fitar da ƙananan saƙonninta na gwada ko akwai intanet a wajen bututu ko da an kunna wannan. Wani abin da ya shafi mutane da yawa kuma: in ka raba data daga waya zuwa laftof, a Android ta yau da kullum bayanan laftof ɗin ba sa bin VPN ɗin wayar. Laftof ɗin na buƙatar nata bututun da tata katangar.

Gwaji ba shi da wuya, kuma ya fi dogara ga abin da aka rubuta a talla. Kada ka danna maballin kashewa, don wannan sallama ce ta mutunci, manhajar ta san da ita. Ka yanke bututun da ƙarfi. A misalinmu na Linux, ka buɗe taga biyu, a ta farko ka sa ido a kan ƙofar Wi-Fi, a ta biyu ka goge bututun ka gwada fita:

```
sudo tcpdump -ni wlan0 ip and not host 203.0.113.10
sudo ip link delete wg0
ping 1.1.1.1
```

In katangar na aiki, `ping` zai dawo da `Operation not permitted`, tagar farko kuma ba za ta nuna wani abu yana fita daga na'urarka ba, in ban da neman adireshi daga rauta. A Windows, ka kashe aikin VPN ɗin daga `Task Manager`, har da ɓangarensa da ke gudana a bayan fage, ka gwada buɗe shafin da ba ka taɓa buɗewa ba, don kada burauza ta nuna maka tsohon da ta ajiye. Sannan ka sake kunna kwamfutar, ka gwada kafin VPN ya haɗu. In shafin ya buɗe a gwaji na farko, maballin da ke manhajarka ya mutu tare da ita. In kuma a na biyu ne kawai ya buɗe, dokokin suna nan amma a makare ake ɗora su, sai ka nemi saitin da ke sa su tashi tare da kwamfutar.